Majuyar gashin kanka ba cuta ba ce, ka daina yaƙi da ita

Ƙannena samarin Kano, akwai wata rigima da ake yi kullum a shagunan aski, daga Fagge har Hotoro, wadda bai kamata a yi ta ba. Saurayi zai zo da hoton wani ɗan ƙwallo a waya ya ce shi irin wannan yake so. Mai aski ya yi masa iya yinsa. Da an ɗora masa madubi ta baya sai ya hango wani ɗan fili a tsakar kansa yana haske, ko ya ga layin goshinsa gefe ɗaya ya fi ɗaya hawa. Nan take rai ya ɓaci, a ce wa mai aski bai iya ba, wani ma ya koma gida da fargabar sanƙo ya kama shi tun bai yi aure ba. Alhali a mafi yawan lokuta abin da ya gani majuyar gashinsa ce, wato wurin nan da gashi yake kewayawa ya bazu ta kowane ɓangare.

Gashi ba a miƙe yake tsirowa ba. Kowane sili yana fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata, ramin kuma a karkace yake, inda ya karkata nan gashin zai kwanta. Wannan tsari tun kana cikin mahaifiyarka aka gama shi, a watannin farko na ciki. A yawancin kai ramukan suna fuskantar wuri ɗaya: na sama su nufi goshi, na gefe su gangara wajen kunne, na baya su sauka ƙeya. Dole ke nan a sami inda suka rabu, kuma wurin shi ne majuya. Yawancin mutane guda ɗaya gare su a tsakar kai, ta ɗan kauce daga tsakiya, tana juyawa yadda hannun agogo yake tafiya. Wasu nasu akasin haka yake juyawa, kaɗan kuma suna da biyu. Akwai masu wata ƙarama a bakin goshi ko a ƙeya. Abin da nake so ka riƙe shi ne, karkatar tana ƙarƙashin fata, inda buroshi da mai da reza ba sa kaiwa. Ko ƙwal-kwabo ka yi sau nawa, yadda ta tafi haka za ta dawo.

Mu masu gashi mai murɗewa, idan suma ta taru, silin gashi yana kama ɗan'uwansa su rufe wurin, ba wanda zai san akwai wani abu a ƙasa. Sai an rage ta sosai asirin yake tonuwa. Shi ya sa wanda ya daɗe da afuro, ranar da ya koma lokot yake tsorata.

Ga yadda ɓarnar take faruwa a kan kujera. Matajin da ake ɗora wa bakin kilifa yana da lamba: lamba 1 yana barin gashi kamar milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 wajen milimita 10. Amma wannan lissafin yana cika ne idan kilifa ta tari gashin, wato ta taho ta inda ya fuskanta, ta ɗaga shi tsaye ta yanke. Idan kuwa ta bi shi ta inda ya kwanta, danne shi take yi ta wuce, sai ta bar shi da tsayi fiye da lambar. To majuya kamar shataletale take, hanya ta kowane gefe tana da inda ta nufa. Mai askin da ya ɗauko kilifa daga ƙeya ya zarce goshi a jan hannu ɗaya, a bayan majuya ya tari gashi ya cinye shi, a gabanta kuma ya bi shi ya bar shi. Lamba ɗaya ya sa, amma tsayi biyu ya fitar. Ƙari a kan haka, tsakiyar majuya ita ce inda gashi ya dare, fata ta fi nunawa ko ba a taɓa ta ba. Haɗa waɗannan biyun, ga filin da ka gani a madubi.

Bari in ba ka misali da kan da kowane mai aski ya saba gani. Saurayi ne mai majuya guda a tsakar kai ta ɗan karkata dama, yana son lokot mai kwanciya. Kafin a kunna kilifa, a sa buroshi a share kan a bushe, ba mai ba ruwa, a kalli inda gashin yake son zuwa da kansa. A ɗora yatsa a cibiyar majuyar. Daga nan kowane jan kilifa ya tashi daga gindin yatsan ya fita waje yana bin kwanciyar gashi: na gaba ya nufi goshi, na dama ya gangara kunnen dama, na baya ya sauka ƙeya, ana kewayawa da ɗan lanƙwasa yadda ta juya. Idan lamba 1 za a yi wa sauran kan, to kewayen majuya, faɗin kamar yatsu uku, a fara shi da lamba 2, a sake sharewa, a duba. In ya fi sauran duhu sai a rage kaɗan da lamba ɗaya da rabi, hannu sama-sama ba dannawa. Wannan ragowar milimita biyu ko uku ita ce take rufe fata. Idan aka yi gaggawa aka cinye ta, babu gyara sai jira, domin gashinmu bai cika kai santimita 1 a wata ba. Milimita ukun nan za ta ci kusan mako biyu kafin ta dawo, in kuwa jajibirin salla ne aka yi, sai hula ta rufa asiri.

Saboda haka kai ma akwai naka aikin. Ka san inda taka take. Ka sa wani ya ɗauki hoton tsakar kanka da rana a waje, ka duba. In ka zauna a kujerar wanda bai san kanka ba, kada ka ji nauyi, ka ce masa: "Maigida, ina da majuya a nan, don Allah a bi ta a hankali, a bar mata tsayi." Mai askin kirki ba zai ji haushi ba, sauƙi ka yi masa.

Ta bakin goshi ita ce ta fi ba ni takaici, don a nan ne samari suke cutar kansu da kuɗinsu. A wurin gashin ba ya kwantowa gaba, sama yake yi ko gefe, sai layin ya zama kamar an ɗan gutsure shi. Kai kuma kana son layi miƙaƙƙe tsaf. Hanya mafi sauri ga mai aski ita ce ya tura sauran layin baya har ya yi daidai da gutsuren. Ranar farko abin sha'awa. Bayan kwana uku ko huɗu gashin da aka aske a gaban layin ya fara tsirowa, sai ka ga wata inuwa ta biyu a goshinka. Ka koma gyaran fuska, a sake turawa don a sami tsaftataccen baki. Haka za a yi ta yi har goshi ya ƙara faɗi a idon kowa, ga reza tana kai da komo a wuri ɗaya tana tayar da ƙuraje. Ka hana. Ka ce a tsaya a kan layinka na asali, a share 'yan silin da suka fito waje kawai, kusurwa kuma a ɗan zagaye ta maimakon a yi mata kaifi. Idan an riga an tura, ka daure wata ɗaya zuwa biyu ana rage suma ba a taɓa layin, zai cike. Cike gurbin da baƙin rini ba mafita ba ne; zufar Kano a watan Afrilu ba ta barin na shafawa, shi kuma mai kamawa yana sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata.

Askin da ke zama lafiya da majuya iri biyu ne, ko ƙasa sosai ko sama sosai. In an yi ƙwal-kwabo, ko aka sauke kan gaba ɗaya ƙasa da lamba 1, fata tana nunawa ko'ina daidai, babu wurin da zai fita daban. In kuma an bar suma ta kai santimita biyu zuwa uku ana yi mata saisaye, murɗewarta ta isa ta rufe wurin. Sai dai a tsefe ta a miƙe kafin a daidaita, kuma a yi shi da hannu ba tare da matajin kilifa ba. Tsakanin nan, lamba 1 zuwa 2 da kilifa ta tari gashi, shi ne filin rigima, musamman ga mai majuya biyu, wanda gashin tsakaninsu yake karo da juna ya tashi tsaye. Shi kam ya zaɓi ɗayan biyun can ya huta. Mai son a dusashe gefe kuma, kada a hau da dusashewar har ta ci majuya, a tsaya ƙasa da ita da kamar yatsu biyu. A nan ina tunatar da kai cewa aske wani sashe na kai ƙwal a bar wani shi ne ƙaza'in da hadisi ya hana, don haka ka san irin hoton da kake nunawa.

Masu neman webs, wato gashi ya kwanta layi-layi kamar igiyar ruwa, ku ma buroshinku daga cibiyar majuya zai riƙa tashi yana fita waje, ba daga ƙeya zuwa goshi ba. Wurin shi ne na ƙarshen kwanciya, sai haƙuri. Kada wani ya ruɗe ka da rilaksa. Silin gashi kawai take sakarwa, ramin yana nan a karkace, kuma gashin da ya saki ya fi darewa ya nuna fata, ban da ƙunar da take yi idan ta daɗe a kai.

Amma ba kowane fili ne majuya ba, kuma ba na so ka fake da maganata ka ƙyale abin da ke buƙatar magani. Majuya tana nan tun kana yaro, girmanta ba ya ƙaruwa, gashin kewayenta kaurinsa ɗaya da na sauran kai, kuma in ka share shi ta inda ya kwanta wurin yana rufuwa. Sanƙo kuwa a hankali yake faɗaɗa, gashin wurin ya sirance ya yi laushi ya gajarce, sau da yawa tare da kusurwoyin goshi suna ja baya. Ka ɗauki hoto yau, ka sake bayan wata shida a haske iri ɗaya da tsayin aski iri ɗaya, ka gwada. Idan kuma filin ya ɓullo ne kwatsam, santsi tas kamar an lashe, ko yana ƙaiƙayi da ɓawo da karyayyen gashi, ko ƙuraje masu tauri suna taruwa a ƙeya bayan kowane aski, wannan ya wuce hannun mai aski. Ka dakata da reza a wurin, ka tafi ka ga likitan fata, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano, kuma kafin nan kada ka haɗa kilifa ko buroshi da kowa.