Sikirin ɗin da na yi wa jana'iza da ransa

Oga ya tafi ɗaurin aure ranar Asabar ya bar min shagon gyaran kwamfuta, karo na farko ni kaɗai a titin Bairut, har turare na fesa. Wajen ƙarfe 11 sai ga wata Hajiya malamar makaranta da laftof naɗe cikin ɗankwali, wai sakamakon jarabawar 'yan ajinta duk yana ciki kuma sikirin ya yi baƙi ƙirin.

Wallahi da farko komai na yi shi bisa ƙa'ida. Na kunna, fanka na juyawa, na danna Caps Lock fitilarsa na kamawa tana ɗaukewa, wato kwamfutar da ranta. Na jona HDMI da talabijin ɗin shago, hoto ya fito tas har da hoton jikanta, ka ga bod lafiya kenan. Na haska tocilar waya a karkace jikin sikirin ko zan ga inuwar rubutu, don in ka ga inuwa to fitilar baya ce kawai ta ɗauke. Ban ga komai ba. A nan abu biyu suka rage, ko sikirin ko kebul ɗinsa, kuma Oga ya sha faɗa min, amma ni sai na gyara tsayuwa na ce, "Hajiya sai haƙuri, sikirin ya mutu. Dubu 45."

Ta ce, "Ɗan nan, makon jiya fa in na ɗan motsa murfin yana dawowa." Sau biyu ta faɗa. Wannan maganar ita ce amsar gaba ɗaya, don kebul ɗin ta cikin hinji yake bi, duk buɗewa da rufewa sai ya ɗan ja shi, hoton da ke zuwa yana tafiya in an motsa murfi kusan kullum kebul ne. Ni kuwa me na ce? Na ce "Hajiya ki bar mana aikinmu." Da wannan bakin nawa. Har da ɗaga hannu.

Duk abin nan wani mai caja yana zaune a bencin ƙofa yana cin gyaɗa, wanda har yau bai biya ni dubu 2 na tun azumi ba, kullum sai ya ce bari kasuwa ta buɗe, alhali na gan shi da sabon takalmi ranar Juma'a, kuma shi ne ya ari sukudirebana mai maganaɗisu ya dawo min da wani daban yana rantsuwa wai shi ne.

To na tura yaro ya karɓo sikirin inci 15.6 mai fin 30 wajen dila. Kafin ya dawo na ce bari in rage aiki. Na buɗe ƙasa na zare batir tukuna, wannan kam ban manta ba, don in ka taɓa kebul ɗin da wuta a jiki fiyus ɗin fitilar baya na iya tashi, ka mai da ƙaramin gyara babba. Na ɓanɓare firam, na kwance sukurori 4, na kifa sikirin a kan madannai.

Sai ga shi. Salatif ɗin da ke riƙe bakin kebul ya bushe ya saki, kebul ɗin ya zame gefe ɗaya, haƙoransa na ruwan zinare suna leƙe a waje kamar suna min dariya. Na yi shiru. Na ɗora babban yatsa a kai wai in rufe, ban ma san me nake nufi da hakan ba. Ashe Hajiya na tsaye a kaina ta sa tabarau.

"Wannan dama haka yake a karkace?"

Na ce e to, wani lokacin. Ta ce wane lokacin. Mai caja ya taso da gyaɗarsa ya leƙo, ya ce "Injiniya, tura shi mana mu gani ko mamacin zai tashi." Na tura shi a miƙe har ya zauna daidai, na manna sabon salatif, na mai da batir, ina addu'a a zuciyata, Allah ya yafe min, kada ya kawo. Ya kawo. Haske tar, ga jikan nan yana murmushi. Daidai lokacin yaro ya shigo rungume da kwali yana haki yana cewa dila ya ce a turo kuɗin yanzu.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta buɗe murfin ta rufe sau uku tana kallona, ta ajiye dubu 2, ta ce "Allah ya yi albarka, na bar muku aikinku."

Mai caja ya ce in ranta masa dubu ɗaya a ciki. Oga dai har yanzu bai ji ba, sai dai in wani cikinku ya kai masa.