A daina koya wa yara "cire daga ɗaya" kafin su duba teburin da ke hannunsu

Wata takardar taƙaita darasi ce ta sa ni wannan rubutu. Ɗan 'yar'uwata da ke Kawo, wanda ke shirin jarrabawa, shi ya kawo mini ita daga wata cibiyar lesin a nan cikin garin Kaduna, irin cibiyoyin da ke cika maƙil da zarar lokacin JAMB da WAEC ya gabato. A sashen ƙididdiga an zana akwati da jan biro, an rubuta doka guda a ciki: idan aka tambaye ka yawan waɗanda suka haura wani maki, ka nemo z, ka duba tebur, ka cire abin da ka gani daga ɗaya. Ba a faɗi wane tebur ake nufi ba, kuma babu ko zane ɗaya a shafin. Yaron ya haddace dokar tsaf, ya yi aiki da ita, ya kawo mini amsar da ta ninka gaskiya kusan sau shida, kuma ko a jikinsa.

Ga tambayar da aka ba su, wadda alkalumanta na misali ne kawai. Ɗalibai 2,000 sun zauna jarrabawar gwaji da ake yi wa maki bisa 400. Matsakaicin makinsu 180 ne, ma'aunin warwatsuwar makin kuwa, wanda ake rubutawa da harafin σ, ɗalibai kuma ke ce masa sigima, 40 ne. An ɗauka cewa makin ya rabu irin rabon nomal, wato idan aka zana shi zai yi kama da tsibin gero da aka zuba a tabarma: tudu a tsakiya, ya gangara dama da hagu daidai wa daida. Mutum nawa ne suka haura 230?

Matakin farko ba shi da gardama, kuma yaron ya yi shi daidai. Ana cire matsakaici, wato μ, daga makin iyaka, wato x, a raba da sigima:

```
z = (x − μ) / σ = (230 − 180) / 40 = 1.25
```

Ma'anar 1.25 ita ce makin 230 ya yi sama da matsakaici da tsawon sigima ɗaya da kwata. Sai a je tebur, a bi layin gefen hagu a sauka zuwa 1.2, sannan a bi shi a kwance har ƙarƙashin ginshiƙin da aka rubuta 0.05 a samansa. A nan yaron ya tarar da 0.3944. Ya cire shi daga ɗaya kamar yadda akwatin ya umarce shi, ya samu 0.6056, ya ninka da 2,000, ya rubuta cewa ɗalibai 1,211 ne suka haura 230.

Na tambaye shi: a ajin da matsakaicin maki yake 180, kuma rabin ɗalibai ne kawai suka wuce 180 ɗin, ta yaya fiye da rabi za su wuce 230? Ya yi shiru yana kallon takardar, can ya ce, "Kawu, ai haka aka ce mu yi." Amsarsa ta fi kuskuren ɓata mini rai, domin an kwana biyu ana koya masa wannan darasi, amma ba a taɓa gaya masa cewa lambar da ke cikin tebur faɗin wani fili ce a ƙarƙashin tudun ba, balle ya tambayi kansa daga ina filin ya fara, ina kuma ya tsaya.

Abin da takardar ta yi shiru a kansa shi ne teburin z ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke auna filin tun daga can ƙarshen hagu har zuwa z, kuma a cikinsa 1.25 na ba da 0.8944, wato yawan waɗanda ke ƙasa da 230. Wannan ne kaɗai teburin da dokar "cire daga ɗaya" ta dace da shi, domin ɗaukacin filin ɗaya ne, idan aka cire 0.8944 saura 0.1056. Akwai na biyu, wanda ke farawa daga tsakiyar tudun zuwa z, shi ne ke bayan littafin yaron, kuma 0.3944 ɗin da ya gani yawan waɗanda ke tsakanin 180 da 230 ne. Tunda ɓangaren dama gaba ɗayansa rabi ne, daga 0.5 ya kamata ya cire, ya samu 0.1056 ɗin nan dai. Akwai kuma na uku da ke ba da wutsiyar dama kai tsaye, inda mutum zai ga 0.1056 a rubuce, ba sai ya cire komai ba. Dukkansu sun haɗu a kan kashi 10.56 cikin 100, wato kimanin ɗalibai 211. Yaron ya ƙara mutum 1,000 cif, rabin ajin ke nan, domin ya haɗa duk waɗanda ke ƙasa da matsakaici ya zuba su cikin waɗanda suka tsallake.

Gane wane tebur ne a hannun mutum bai kai aikin minti ɗaya ba. A duba lambar farko, inda z yake 0.00. Idan 0.0000 ce, teburin daga tsakiya yake farawa. Idan 0.5000 ce kuma lambobin na ƙaruwa yayin da ake sauka, daga ƙarshen hagu yake tarowa. Idan 0.5000 ce amma lambobin na raguwa, na wutsiya ne. Yawancin tebura ma na ɗauke da ɗan zanen tudun a samansu, an yi wa filin da ake nufi duhu, sai dai na'urar kwafi kan yanke shi, ko ta mayar da shi baƙi ƙirin, kuma ba na jin akwai wanda ya damu ya maido shi.

Masu kare irin wannan takarda za su ce yaro mai rauni na bukatar gajeriyar hanya. To, hanyar da ke mayar da mutum 211 su zama 1,211 ban ga raunin da ta yi wa magani ba. Wasu malaman, da suka lura da matsalar, sai suka sauya dokar zuwa "cire daga 0.5", su ma kuma ramin na jiran su a gaba kaɗan. A ce makin iyakar 150 ne a wannan jarrabawar dai. Yanzu z ya zama −0.75, domin 150 na ƙasa da matsakaici da maki 30. Tebura da yawa ba su da lambobi masu alamar ragi, saboda ɓangarorin tudun biyu madubin juna ne, don haka 0.75 ake dubawa, a tarar da 0.2734 a teburin tsakiya. Wanda ya haddace "cire daga 0.5" zai samu 0.2266, ya ce ƙasa da kwatan ɗalibai ne suka wuce 150, alhali wannan adadin na waɗanda suka kasa ne. Waɗanda suka wuce su ne na tsakanin 150 da 180, a haɗa da dukkan rabin da ke sama, wato ƙari ake yi a wannan karon: 0.2734 da 0.5 ya ba da 0.7734, kimanin ɗalibai 1,547. Da ɗalibin ya zana tudun a gefen takardarsa, ya ja layi a hagun tsakiya, ya yi wa dama duhu, da idonsa ya gaya masa cewa amsar dole ta fi rabi tun kafin ya buɗe tebur.

Akwai kuma ma'auni biyu da ya kamata su zauna a kan kowane ɗalibi, su suka fi cancantar jan biron nan. Kusan kashi 16 cikin 100 ne ke haura z na 1, kuma kashi 2 da ɗoriya ne kawai ke haura z na 2. Duk wanda ya riƙe wannan ya san cewa amsar 1.25 tana tsakanin 2 da 16, kusa da 16, saboda haka kashi 60 ba ta da wurin zama. Ma'aunin nan kan kama wani kuskuren da ake yawan yi, inda tambaya ta ba da sigima a ninke da kansa, 1,600 a misalinmu, ɗalibi ya raba da shi kai tsaye ba tare da ya ɗauki tushensa, wato 40, ba: z zai fito 0.03, amsar ta tasam ma rabi, abin da ba zai yiwu ba ga makin da ya ɗara matsakaici da 50.

Wannan ba maganar ɗakin jarrabawa kaɗai ba ce. Lokacin da JAMB ta fitar da sakamakon 2025, aka ga fiye da miliyan ɗaya da rabi daga cikin kusan miliyan biyu sun samu ƙasa da 200, wato rabin makin jarrabawar, mutane da dama sun yi ta magana kamar rabin maki na nufin rabin ɗalibai, alhali yawan masu tsallake kowane maki ya dogara ne da inda matsakaici yake da kuma yadda makin ya warwatsu. Ɗaliban da ake horarwa da akwatin jan biro a yau su ne gobe za su zauna a kwamitin ɗaukar ɗalibai ko na tallafin karatu, suna ƙiyasta mutum nawa za su rage idan aka ɗaga makin iyaka da goma.

Ko wanda ya iya karanta teburin, ya kamata a gaya masa iyakarsa. Makin jarrabawa lambobi ne cikakku, babu mai samun 229 da rabi, tudun kuwa a miƙe yake babu tsinkewa, shi ya sa "230 ko fiye" da "fiye da 230" suka bambanta. Mai son na farkon kan yi amfani da 229.5, z ya zama kusan 1.24, amsar ta koma 0.1075, ɗalibai 215 maimakon 211. Bambancin mutum huɗu ne, amma idan guraben 211 ne, mutum huɗun suna da iyaye. Abin da ya fi wannan girma shi ne zaton cewa makin ya bi siffar tudun tun farko. Jarrabawa mai tsauri kan tara yawancin ɗalibai a ƙasa, ta bar doguwar wutsiya a sama, kuma a can wutsiyar ne teburin ya fi yin kuskure. A misalinmu makin 300 na ba da z na 3, tebur ya ce 0.0013, kusan mutum uku. Amma aji ɗaya na haziƙai daga makaranta guda ya isa ya mayar da su ashirin. Idan jerin makin na hannu, ƙirga su ya fi duba tebur.

Na san za a ce waya ko kwamfuta na fitar da amsar nan take, amma ba a shiga da waya ɗakin jarrabawa, kuma ita ma sai an gaya mata dama ake so ko hagu. Abin da nake nema bai da tsada: masu cibiyoyin lesin su cire akwatin, masu tsara tambayoyi su ware maki ga zane, duk wanda zai kwafi tebur kuma ya kwafe shi har da zanen da ke samansa. Ni dai na sa ɗan 'yar'uwata ya soke dokar da biro, ya zana tudun a saman teburinsa, ya yi wa filin da ke tsakanin tsakiya da z duhu. Da na ba shi makin iyaka na 210, ya zana, ya samu z na 0.75, ya cire 0.2734 daga 0.5, ya ce ɗalibai 453 ne, sannan ya tambaye ni ko ya nuna wa malaminsu ranar Asabar.