Kowace lamba ta zo da sunanta

Waɗanda muke rukunin karatun nan tare sun ga abin da ya faru daren jiya, don haka ba sai na maimaita ba. Abin da aka yi wa 'yar'uwarmu makauniya bai dace ba, kuma har gari ya waye raina bai daina ɓaci ba. An turo jadawalin ƙidayar jama'a a hoto, ta ce don Allah a rubuto mata shi domin wayarta ba ta karanta hoto, sai wani ya ce ta ba ƙaninta ya karanta mata. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare! Mace mai hankalinta, wadda ta fi da yawanmu ƙoƙari a aji, a ce ta je ta tashi yaro daga barci saboda mu mun ƙi ɓata minti biyar.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Wani bawan Allah ya yi niyyar alheri, ya zauna ya kwafe jadawalin da hannu, yana raba lambobin da tazara don su jeru kamar yadda suke a hoton. Kowa ya yi ta sa masa albarka, aka ɗauka magana ta ƙare. Ga abin da ya turo:

Jiha 1991 2006
Kano 5,810,470 9,401,288
Kaduna 3,935,618 6,113,503
Katsina 3,753,133 5,801,584

Kai mai ido, kallo ɗaya ka yi ka gane. Idonka ya sauka kan 6,113,503, ya ɗaga sama ya ga 2006, ya leƙa hagu ya ga Kaduna, duk cikin ƙiftawa, ba ka ma san ka yi wannan aikin ba. Ita kuwa da TalkBack take sauraro, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allon wayar Android. Manhajar ba ta san wannan jadawali ba ne. Tazarar da aka sa ba ta nufin komai a wajenta. Daga farko take ɗauka ta zuba har ƙarshe: jiha, shekara, shekara, Kano, doguwar lamba, doguwar lamba, Kaduna, doguwar lamba, doguwar lamba. Kafin a iso Katsina an yi nisa da kan jadawalin, kuma mai sauraro na riƙe da lambobi huɗu masu alƙaluma bakwai-bakwai a ka. Ido yana waiwaye, kunne ba ya waiwaye. Idan tana son tuna shekarar da ke kan lambar da ta ji, sai ta sake sauraron saƙon daga farko.

Ku ƙara duba jadawalin da kyau. Kano a 1991 tana da 5,810,470, Katsina a 2006 tana da 5,801,584. A kunne kusan abu ɗaya ne, miliyan biyar da dubu ɗari takwas da wani abu. Wanda ya ji su a cikin zubin lambobi, ina zai tuna wacce ta wa ce? Irin wannan ne ke sa mutum ya rubuta amsar da ba daidai ba a jarrabawa, a ce bai yi karatu ba, alhali mu ne muka ba shi karatun a hargitse.

Maganata ɗaya ce, kuma zan yi ta nanata ta: kowace lamba ta zo da sunanta. Ta wace jiha ce, ta wace shekara ce, me ake ƙirgawa. Abin da kan jadawali ke yi wa ido, dole jimla ta yi wa kunne, a kowace lamba, ba sau ɗaya a sama ba. Ga yadda na sake rubuta mata shi:

"Wannan jadawali yana nuna yawan jama'ar jihohi uku, Kano da Kaduna da Katsina, a ƙidayar 1991 da ta 2006. Kano ce ta fi yawa a duka ƙidayar biyu, sai Kaduna, sai Katsina. Jihar Kano tana da mutum 5,810,470 a 1991, ta kai mutum 9,401,288 a 2006, wato ƙarin kusan miliyan 3.6. Jihar Kaduna tana da mutum 3,935,618 a 1991, ta kai mutum 6,113,503 a 2006, ƙarin kusan miliyan 2.2. Jihar Katsina tana da mutum 3,753,133 a 1991, ta kai mutum 5,801,584 a 2006, ƙarin miliyan 2 da 'yan kai. Yawan Katsina a 2006 ya yi kusan daidai da na Kano a 1991."

Ku lura da yadda aka fara. Kafin lamba ko ɗaya ta fito, an gaya mata jihohi nawa ne, shekaru nawa ne, me ake ƙirgawa. Mai ido yana ganin girman jadawali kafin ya fara karantawa, mai sauraro kuwa bai san ko layi uku ke tafe ko talatin ba sai an faɗa masa. Bayan haka aka ba ta sakamakon gaba ɗaya, wa ke gaba, wa ke baya, don lambobin su tarar da wurin zama a kanta. Sannan kowace jiha ta samu jimlarta, kuma da gangan na sa jimlolin uku suka zo da tsari iri ɗaya: jiha, tsohuwar shekara, sabuwar shekara, ƙari. Malamin insha'i zai ce maimaici ya yi yawa. A nan maimaicin shi ne taimakon, domin daga jimla ta biyu kunne ya riga ya san inda lambar da yake jira za ta faɗo. Da na juya ta Katsina na fara da 2006 don rubutu ya yi armashi, da na rikita ta.

Akwai wani kuskure da masu ganin sun iya ke yi, kuma jiya ma sai da wani ya yi shi. Ya rubuta cewa a 2006 Kano da Kaduna da Katsina suna da miliyan 9.4 da 6.1 da 5.8 bi da bi. Wannan "bi da bi" ɗin jadawali ne ya sake shiga, sunaye a gefe guda, lambobi a gefe guda, an bar wa mai sauraro aikin haɗa su. Da jihohi uku za a iya lallaɓawa, da bakwai ba mai iyawa. Haka nan "kamar yadda aka gani a sama", da "na gefen dama", da "waɗanda aka sa wa ja". A kunne babu sama, babu dama, babu ja. In jan launi yana nufin raguwa, ka rubuta cewa ya ragu. In wani gida a jadawalin babu komai, ko an sa ɗan layi, ka faɗi abin da hakan ke nufi: sifili ne, ko ba a samu adadin ba? Ba abu ɗaya ba ne, kuma manhajar takan wuce ɗan layin nan shiru.

Na san abin da za a ce. Wai ya yi tsawo. To, ya yi, jimla shida ce a madadin layi huɗu, babu wanda babban yatsansa ya karye. Wai masu ido sun fi son jadawali. Wa ya ce a cire shi? A turo hoton, a biyo shi da bayanin a ƙasa, kowa ya ɗauki nasa. Na ma lura masu idon ba su gano cewa Katsina ta kusa kamo tsohon adadin Kano ba sai da aka rubuta shi a jimla.

Wani kuma ya ce ai manhajojin nan suna iya karanta jadawali. Gaskiya ne, amma jadawali na ainihi, wanda aka gina a Word ko Excel ko shafin intanet aka kuma nuna wa na'ura layin da ke ɗauke da kanun. A irin wannan, mai amfani da NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi allon kwamfuta, yana danne Ctrl da Alt ya riƙa tafiya gida-gida da maɓallan kibiya, manhajar tana faɗa masa kan da yake ƙarƙashinsa. Hoton da aka ɗauka da waya ba haka yake ba, rubutun da aka jera da tazara a WhatsApp ma ba haka yake ba. Ko manhajar da ke ciro rubutu daga hoto aka sa, sau da yawa lambobin take zubowa ba tare da tsarin ba, an koma gidan jiya.

Ba kuma cewa nake a mayar da kowane jadawali labari ba. In na jihohi 36 ne da Abuja, ga maza ga mata ga jimilla, jimloli za su zama azaba. A nan sai a turo fayil ɗin na ainihi, a rubuta taƙaitaccen bayani a kansa: me ya ƙunsa, wa ya fi, wa ya gaza, ina abin lura yake. Sai dai a kiyaye wani abu. Kada ka yanke mata hukuncin cewa "kusan miliyan 9" ya ishe ta alhali sauran 'yan aji suna riƙe da 9,401,288. In za a tambayi cikakken adadi, haƙƙinta ne ta same shi cikakke, da waƙafinsa a wurinsa, domin in ka raba alƙaluman da tazara manhajar na iya karanta su kamar lambobi uku daban-daban.

Mai son ya san ko abin da ya rubuta ya yi, gwajin ba shi da wuya. Ka karanta wa wani sau ɗaya, ba tare da ya ga takardar ba, sannan ka tambaye shi wace jiha ce ta fi ƙaruwa, kuma Kaduna nawa take a 1991. In ya ce ka maimaita, da sauran gyara. Ko ka kunna TalkBack a wayarka, ka rufe ido ka saurari saƙonka da kanka. Masu karanta farashin hatsi a rediyo sun daɗe da sanin wannan. Ba za ka taɓa jin sun jero kuɗi zalla ba, sai sun ce buhun masara a kasuwa kaza, naira kaza, makon jiya naira kaza. Da irin wannan muka tashi a gidajenmu, waya ce ta zo ta mantar da mu.

Tunda ma an taɓo maganar hoto, bari in faɗi wadda ta daɗe tana cina. Katin ɗaurin aure, sanarwar suna, har sanarwar rasuwa, yanzu duk a hoto ake turo su, da furanni da kwalliya, babu ko layi ɗaya na rubutu a ƙasa. Watan jiya 'yar'uwar nan tamu ba ta je ta'aziyyar mahaifin ɗaya daga cikinmu ba sai bayan sadakar uku, don abin da wayarta ta ce mata kawai shi ne an turo hoto. Ta ji ana ta rubuta "Allah ya jiƙansa", ta yi ta tambayar wa ya rasu, saƙonta ya nutse a cikin addu'o'i. Har yau in aka tuna sai ta ce, "Yaya, kunyar Hajiya nake ji."