Ƙannena masu salun, wa ya ce muku farashin maƙwabciya shi ne naku?

A makon nan na tarar da wata yarinya a Tudun Wada tana kwashe kayanta daga shago, mai shago ya ce ko ta sabunta haya ko ta ba shi mukullinsa. Yarinyar nan hannunta na da kyau, shagonta ba ya rabo da mata, Asabar ma sai an yi layi. Na ce mata, "Ke kuwa ina kuɗin shekara guda suka shiga?" Ta ce, "Wallahi Anti ni ma ban sani ba." Na tambaye ta nawa take wankin kai da busarwa, ta ce naira 1,500. Wa ya yanke mata wannan kuɗin? "Haka ake yi a layin."

Wannan maganar ta "haka ake yi a layin" ita ce ke ƙona mini rai. Daga Kawo zuwa Rigasa, daga Badarawa zuwa Unguwar Rimi, yarinya za ta buɗe shago, ta aiki ƙanwarta ta leƙo kuɗin maƙwabciya, ta rage naira 200, shi ke nan ta sa farashi. Kin san ko maƙwabciyar a zauren gidan mijinta take, ba ta biyan haya? Kin san ko ita ma uwar kuɗinta take ci ba ta sani ba? Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma ku kun ɗauki lissafin wata kun ɗora wa kanku.

Ku zo mu yi lissafin kai ɗaya tare. Kuɗaɗen da zan sa misali ne, kowacce ta cire ta sa nata. Mu ce kin sayo galan na shamfu mai lita 4 a Kasuwar Sheikh Gumi a kan naira 12,000. Idan kowane kai yana cin abin da bai wuce cokali uku zuwa huɗu ba, galan ɗin zai wanke kai 80, kowane kai ya ci naira 150 ke nan. Amma wace ce a cikinku take aunawa? Tuttulawa kuke yi a tafin hannu kuna hira, galan ya ƙare a kai 50. Hanyar sani ba ta da wuya: ranar da kika buɗe galan ki rubuta a jikinsa, duk kan da kika wanke ki ja layi a littafi, ranar da ya ƙare ki ƙirga. Ki ƙara kwandishina na naira 200, man gashi na 100, jarkar ruwa daga ɗan garuwa 100, omon wanke tawul 50. Kayan aiki kaɗai sun tashi naira 600.

A nan yawancinku kuke tsayawa. Ku ce an kashe 600, an karɓi 1,500, riba 900. Ganin kitse ake wa rogo.

Haya fa? Don ana biyanta sau ɗaya a shekara sai ku mance da ita, alhali kullum garin Allah ya waye tana ci, ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba. Shagon naira 240,000 a shekara, naira 20,000 ne a wata. Idan kina buɗewa kwana 25, kowace rana tana bin ki 800. Ki raba da yawan kan da kike yi a rana, amma na gaskiya, ba na jajiberin Salla ba. Ki haɗa da Talatar da kike wuni kina danna waya, da kwanakin damina da ruwa ke hana mata fita, da farkon azumi. In an daidaita aka samu kai 4 a rana, wato 100 a wata, kowane kai sai ya ɗauki naira 200 na haya.

Wuta ita ce babbar ɓarauniyar da ba ku gani. Ki juya dirayarki ta hannu, za ki ga an rubuta ƙarfinta, da yawa 2000W ne. Ma'anarsa, in ta yi awa ɗaya tana aiki ta sha yunit 2, rabin awa yunit 1. Ki ƙara dafa ruwan wanki da fanka da fitila, kai ɗaya ya kusa yunit ɗaya da rabi. Wadda layinta ke Band A ta san tun 2024 yunit ya haura naira 200, to kusan 300 ke nan. Wannan in akwai wuta. In an ɗauke, ƙaramin janareto ba ya jan diraya, sai babba, shi kuwa yakan sha wajen lita guda a awa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda lita ta koma, mu ce 900, kai ɗaya kuma mu ce ya ci awa guda a janareto. Idan rabin aikinki da wutar nefa ne rabi da janareto, tsakaninsu naira 600 ce a kowane kai. Ki ware 50 saboda ranar da diraya za ta ƙone ko janareto ya nemi bakanike. Yanzu muna kan 1,450.

Naira 50 ta rage daga cikin 1,500 ɗin. Hamsin! Kuma ba mu sa ki a lissafi ba tukuna, ke da kika tsaya awa ɗaya da rabi, kika sunkuya bayanki na ciwo, hannunki ya yi kanta. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024. In kin yarda ke ma kin kai a biya ki haka, ki raba shi a kan kai 100, kowanne ya ɗauki 700. Ainihin kuɗin wankin kai ɗaya ya zama 2,150. Mai karɓar 1,500 tana cika wa kowace kwastoma naira 650 daga guminta, har da rakiya zuwa bakin ƙofa da "sai kin sake dawowa". In kin sa 2,500, a nan ne kika ga ribar 350.

Na san abin da za ku ce, wai mata za su gudu. Wasu za su gudu, su je su cinye jarin wata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Alamar tana nan a fili ga mai son gani: ciniki na tafiya amma duk sanda shamfu ya ƙare sai kin ranto, haya ta zo sai kin jira kwasar adashi ko kin kai ɗan kunne kasuwa. Sai ku ce sammu ne, ko bakin mutane.

Ga kuma bashi. Ƙawa ta zo, 'yar gwaggo ta zo, matar yaya ta zo da 'ya'ya uku, "zan turo miki", shiru kike ji. Kuɗin ciniki da na cefane jaka ɗaya, daga ciki ake yanko anko, ake sayen data, ake liƙi a gidan biki don kar a ce Hajiya mai salun ba ta yi ba. Wannan ma rana guda zan zauna a kansa.

Iyayenmu da ba su shiga aji ba ba su yi wannan sakarcin ba. Mai ƙuli-ƙuli ta san mudun gyaɗa nawa ta soya, kwalbar mai nawa ta matse, itacen nawa ta ƙona, kafin ta ce ga kuɗin ƙuli. Uwar kuɗi a ƙulle take a bakin zane daban, ko ɗanta na kuka ba ta taɓawa. Yarinya kan yi shekaru a hannun uwar ɗakinta, ta ga yadda ake sayo kaya da yadda ake aunawa kafin a yaye ta. Yau wata uku an koyi kama diraya, an buga allo mai hoto, an raba katin buɗe shago, ga waya mai kalkuleta a hannu dare da rana, amma a tambaye ki galan ɗinki kai nawa yake wankewa, sai ki ce bari ki tambayi yarinyar shago.