Takardar firjin da ba ta taɓa nuna matsala ba

Duk wanda aka ba shugabancin wani wurin aiki, ina roƙonsa kada ya fara da manna sanarwa a bango. Ma'aikata sun riga sun san dokar da ke cikin littafi. Wadda suke bi kuwa, sun koye ta ne daga abin da suka ga ya sami wanda ya faɗi gaskiya kafin zuwanka.

A ɗauki ƙaramin asibiti a wata ƙaramar hukuma nan jihar Sakkwato. Ƙa'ida ta ce a ajiye allurar rigakafi a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba ma'auni safe da yamma, a rubuta. A watan Afrilu, lokacin da zafinmu ke wuce digiri 40, batirin sola ya yi rauni, firij ya kwana da ɗumi. Wata ma'aikaciya ta rubuta 12, don abin da ta gani ke nan. Aka ba ta takardar tuhuma, aka yi mata faɗa gaban kowa, batiri kuma yana nan yadda yake. Daga ranar ba wanda ya ce wa kowa komai, amma kowa ya gane 5 ake rubutawa. Bayan shekara biyu sabuwar yarinya ta zo, ta ga manya na cike takardar mako guda ranar Juma'a, ta ɗauka haka aikin yake. Ba ta ma san labarin takardar tuhumar ba. Ga kuma kunyarmu ta gida: yaro ba ya kai wa babba labari marar daɗi, sai dai "lafiya lau, ranka ya daɗe."

Abin da ke ci mini rai shi ne, yaran da ake ɗiga wa maganin shan inna, wanda ya fi sauran saurin lalacewa da zafi, su ke biyan kuɗin wannan shirun.

To sabuwar shugaba ta zo, yaya za ta gane? Takardar ce za ta tona. Kwana talatin lamba ɗaya, biro ɗaya, rubutun hannu ɗaya, har da ranakun da mai rubutun ke hutu. Sai ta ɗauki kwalbar rigakafi ta duba ɗan tambarin da ke jiki, murabba'i a cikin da'ira, wanda ke yin duhu in magani ya sha zafi. In murabba'in ya yi duhu ya kamo launin da'irar alhali takarda na cewa 5, an gama magana.

Nan ne da yawa ke ɓata lamarin. Sai su tara jama'a su ce daga yau ba ƙarya, wanda aka kama zai gani. Ai tsoro ne ya haifi al'adar, sai ga shi an ƙara masa taki. Abin da zai biyo baya shi ne ƙarya mai wayo: yau 4, gobe 6.

Ni a ganina, watan farko sabuwar shugabar ta yi shiru ta riƙa zuwa gaban firij da kanta ƙarfe takwas, ta karanta tare da mai aiki, ta rubuta abin da ma'auni ya nuna ko da 11 ne, ta sa hannunta. Sannan ta nemi dattijuwar da kowa ke jin maganarta, wadda galibi ba ta da babban muƙami, ta ce, "Inna, in firij ya yi ɗumi, wa ya kamata a fara faɗa wa?" A bar ta ta kawo tsarin da bakinta. Ranar da wani ya fara kawo mummunar lamba don kansa, wannan ranar ce jarrabawar. A gode masa gaban mutane, a kwashe alluran cikin akwatin sanyi zuwa ma'ajiyar ƙaramar hukuma, a kira mai gyara a gabansa. Hukunci ya koma kan ɓoyewa kaɗai, shi ma sai bayan an sanar kowa ya ji.

Kuma ta shirya, alƙalumanta za su yi muni. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ga haka a binciken da ta buga a 1996 kan ma'aikatan jinya: rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci su suka fi yawan kurakuran magani a rubuce, domin su ne ba sa tsoron faɗa. Don haka tun wuri ta je wurin na sama da ita ta yi bayani, kada ya ga takarda cike da 10 da 12 ya ce asibiti ya lalace a hannunta.

Wannan hanya tana da iyaka. In an kai rahoto sau uku batiri bai zo ba, mutane za su koma rubuta 5, kuma wannan karon sun fi da taurin kai, don sun gwada sun gani. Saboda haka kada ta nemi gaskiya a kan abubuwa goma lokaci guda. Ta zaɓi ɗaya da take da ikon gyarawa, ta riƙe shi har bazara ta zagayo, kafin ta taɓa rajistar zuwa aiki.