Gado na 27 bai buga ƙararrawa ba

Laraba, bayan azahar. Dare na biyar cikin bakwai.

Yau ma mafarkin nan ya dawo. Na shigo gida wajen ƙarfe 9 na safe, ko kayan aiki ban cire ba na zube a kan katifa, kafin 12 na farka zumbur, zuciyata na dukan uku-uku, hannuna na lalube a bango yana neman makunnin da zan kashe ƙararrawa. Ashe mai yankan farce ne ke wucewa ta bayan taga yana kaɗa almakashinsa. Na zauna a bakin gado ina salati, rigata sharkaf da gumi. Tun da barci ya ƙi, bari in rubuta, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Kullum iri ɗaya ne. Ina tsaye a gaban teburinmu na nas-nas a ɗakin mata na asibiti, ina kallon allon nan da ke saman ƙofa, wanda lambar gado ke kamawa da jar wuta in an danna. Gadajenmu 32 ne, amma a mafarkin allon ba ya tsayawa a nan. Sai in ga 33, in ga 60, in ga 200, duk sun kama, kowace da irin kukanta. In ɗaga ƙafa in ji kamar na taka taɓo. In na samu na kai gado guda na kashe, sai biyu su tashi a bayana, ɗakin kuma sai ƙara tsawo yake yi, har ƙarshensa ya ɓace cikin duhu. Ina buɗe baki in ce “ga ni nan zuwa”, murya ba ta fita. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuma, a can gefen allon akwai lamba ɗaya da ba ta kama ba, ba ta kuka, ni kuwa na san a raina wajenta ya kamata in nufa, amma na kasa karanta ta.

Ba na bukatar mai fassara. Na san inda aka haifi mafarkin nan.

Bara aka yi wa ɗakin kwaskwarima. Aka shafa fenti, aka sa labule, aka maƙala wa kowane gado ƙararrawa, manya suka zo da hulunansu aka yanka kirtani aka ɗauki hoto. Ma'aikaciya ko ɗaya ba a ƙaro mana ba. Hasali ma raguwa muka yi, don cikin shekara biyu mutum huɗu sun bar ɗakin nan, biyu Saudiyya, ɗaya Ingila, ɗaya ta yi ritaya, kuma kujerunsu na nan wayam. Wato an saya wa marasa lafiya abin kira, ba a samo wanda zai amsa ba. Da can mai jinya ne zai taso ya ce “Sista, ki zo ki duba Inna”, in dubi fuskarsa in gane ko abin na gaggawa ne. Yanzu kuwa kukan wadda ke son a gyara mata matashi da kukan wadda numfashi ke neman ƙwace mata duk sauti ɗaya ne.

Ga abin da ya faru daren jiya, in rubuta shi dalla-dalla don ranar da za a tambaye ni.

A takarda mu biyu ne. Ƙarfe 11 aka kira abokiyar aikina ɗakin gaggawa, wai an kawo 'yan haɗarin mota, ta tafi ba ta dawo ba sai asuba. Na rage ni kaɗai da mata 29 da mai shara guda, Allah ya saka mata, ita ce mai riƙe mini tocila.

Ƙarfe 2 saura minti biyar na ɗaura wa ta gado na 11 jini. Wanda ya san aikin ya san minti 15 na farko ba a matsawa daga gefen mai karɓar jini, domin in jikinta zai ƙi shi, a nan ya fi nunawa: rawar ɗari, zazzaɓi, ciwon baya, ƙuncin ƙirji. Ina tsaye ina ƙirga ɗigo, ƙarfe 2 da minti biyar aka ɗauke wuta. Nan take injin oksijin na gado na 4 ya fara kuka, shi ma da tasa ƙararrawar, don ba ya aiki sai da lantarki. Mai janareto kuwa sai an je an tashe shi, shi ma sai ya tabbatar akwai mai. Allon ƙararrawa dai yana da batirinsa, ka ji ikon Allah. Injin da ke riƙe da numfashin mutum ba shi da madadin wuta, amma abin da ke yi mini ihu yana da shi.

Na ce wa 'yar ta gado na 11, “Ki zuba mata ido, ko tsuma kika ga ta fara ki ƙwala mini kira da bakinki, kar ki danna komai.” Na ruga na jawo tukunyar oksijin daga lungu, ƙarfe ne da ya kusa kai ni tsawo, ina mirgina shi a kan gindinsa. Kafin in ɗaura kan in buɗe, abin awon oksijin da ke yatsar matar ya sauko daga 94 zuwa 83. Duk wannan lokacin gado na 19 na bugawa ba ƙaƙƙautawa. Na san matsalarta tun kafin in je: allurar ƙarin ruwa ta goce daga jijiya, hannu ya kumbura. Akwai zafi, ban musa ba, amma ba ya kisa cikin minti 20. Na ɗaga murya na ce wa mijin ya murɗe maƙullin robar, ina zuwa. Ya ce shi ba ma'aikacin asibiti ba ne. Ya ci gaba da dannawa.

Da numfashin ta gado na 4 ya daidaita na koma kan mai jini, lafiya lau, alhamdu lillahi. Har na juya zan nufi 19, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Tun ƙarfe 12 ban ji motsin gado na 27 ba. Dattijuwa ce mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, mai yawan magana, wadda ko wucewa na yi sai ta ce “'yar nan, sannu da aiki”. An yi mata allurar insulin mai sauke suga da yamma, kuma a wajen karɓar aiki an faɗa mini a gurguje cewa tuwon da aka kawo mata loma biyu ta yi ta ture.

Na haska ta. Tana kwance kamar mai barci, har da minshari, jikarta na shimfiɗe a ƙasa a kan tabarma. Na taɓa goshinta, sanyi ƙalau, ga gumi ya jiƙa matashi. “Hajiya! Hajiya!” Ko gezau. Na soki yatsa na auna sugan jininta, na'ura ta nuna 2.1. Duk abin da ya gaza 3.9 ya yi ƙasa, wannan kuwa ƙwaƙwalwa ce ke yunwa, in aka bar ta haka har asuba ko dai a tashi da gawa ko a tashi da wadda ba za ta ƙara gane kowa ba. Jikar ta farka a gigice, ta ɗauko kofi za ta jiƙa sukari ta ɗura mata. Na riƙe hannunta. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi komai ta baki, huhu zai tafi. Ta jijiya ake ba shi.

To a nan ne takaicin yake. Na buɗe akwatin maganin gaggawa, babu ruwan suga mai ƙarfi, na kashi 50 ɗin nan, an yi amfani da shi tun Lahadi ba a mayar ba, duk da na rubuta a littafi har sau biyu. Ƙa'ida wai a rubuta wa dangi su je su biya su karɓo. Ƙarfe 2 da rabi na dare, yarinya 'yar shekara 16, ba ko sisi a hannunta. Allah ya sa ina da kwalba biyu da na saya da kuɗina na ɓoye a loka, don ba yau aka fara ba. Na kira likita a waya, shi ma shi kaɗai ne a kan ɗakuna uku, ya ce in ba ta yana tafe. Na tsarma shi na tura a hankali ta allurar da ke hannunta, sannan na ɗaura mata na kashi 10 ya ci gaba da sauka. Ba a yi minti biyar ba ta buɗe ido, ta dube ni ta ce, “'Yar nan, lafiya kike haska ni?” Na ce lafiya lau, Hajiya. Bayan minti 15 na sake aunawa, 6.4. Sai a lokacin na ji ƙafafuna na rawa.

Ba ta danna ƙararrawa ba. Ta yaya za ta danna? Wanda ya iya miƙa hannu ya danna, ya kuma iya zagi, da sauran ƙarfinsa. Wannan ne abin da masu sayo allo ba su sani ba, don ba su taɓa kwana a ɗaki ba. Abin da ke gano irin su Hajiya shi ne zagaye, gado bayan gado, a taɓa, a kira suna, a duba numfashi. Zagaye kuwa ƙafa yake so da lokaci. In na ba kowace mace minti biyar kacal, mata 29 sun cinye mini awa biyu da minti 25, ban yi allura ba, ban rubuta komai ba, ban canza wa kowa zani ba.

Na isa gado na 19 ƙarfe 3 saura. Na ba da haƙuri, na cire, na sa mata sabuwa a ɗaya hannun. Mijin ya ce mu nas-nas ba mu da imani, muna can muna barci. Ban tanka ba. Ina da abin faɗa, amma matarsa na jin zafi da gaske, kuma shi bai ga abin da ke faruwa a ƙarshen ɗaki ba.

Da safe, ina shirin miƙa aiki, metiron, shugabar nas-nas, ta kira ni ofis. An kai ƙara. “Sista, an ce ƙararrawa ta yi minti 40 tana bugawa.” Na ce, “Ranki ya daɗe, ta ma fi haka.” Na zayyana mata komai. Ta yi shiru, ta ce ta fahimta, amma daga sama aka ce a ba ni takarda in amsa a rubuce cikin awa 24. Daga sama! Su waɗanda suka san an bar mutum ɗaya a kan gado 32, suka san akwatin gaggawa fanko ne, suka san janareto sai an roƙa, su ne ke son bayani. Ko a yajin aikin gargaɗi da ƙungiyarmu ta shiga a ƙarshen Yulin 2025, ɗaukar ƙarin ma'aikata da kuɗin aikin dare na cikin abin da aka nema. Ni dai a ɗakinmu har yau ban ga sabuwar fuska ba. Kwalbata da na saya babu wanda ya tambayi nawa ce.

Takardar na nan cikin jaka, ban buɗe ba. Yara sun kusa dawowa daga Islamiyya, ban ɗora komai ba, kaina kamar ana sara. Zan biya kyamis in sayi wata kwalbar kafin in hau adaidaita, tunda saura ɗaya a loka. Ƙarfe 9 zan karɓi aiki, kuma an riga an gaya mini abokiyar tawa yau ma ɗakin gaggawa za ta kwana.