Fandeshan ɗin jikka shida

Saura kwana ɗaya bukin auren da kuka sani, fandeshan ɗina ya ƙare, na hau kabu-kabu sai Kasuwar Dole dab da magariba. An ɗauke wuta. Yaron shago ya kunna 'yar farar fitilar nan ta caji mai haske shuɗi-shuɗi, ya kama hannuna ya ɗiga fandeshan a cikin wuyan hannu, ya murza, ya ce, "Hajiya, wallahi kamar don ke aka yi shi." Jikka shida. Na biya.

Washegari na yi kwalliyata a ɗaki, na fito ina taku ɗai-ɗai. A tsakar gidan amarya a Birni, ƙarfe biyar na yamma, haske tar, mata sun cika tabarmi. Na durƙusa zan gaida Inna Tsohuwa. Ba ta amsa ba. Ta riƙe haɓata, ta juya fuskata dama, ta juya hagu, ta leƙa wuyana, ta sake duban fuskar. Sannan ta ce, da muryar nan tata da ake ji har ƙofar gida, "'Yar nan, toka kika kwashe kafin ki taho, ko jinya kika yi ba a faɗa mini ba?" Na ce lafiyata ƙalau, Inna. Ta ce, "To wuyan dai naki ne, na shaida shi. Fuskar ta wa kika aro?" Ta lashi babban yatsanta ta goga a kumatuna, ta ɗaga yatsan tana nuna wa jama'a. Har mai kiɗan ƙwarya sai da ta dakata.

Ita kuwa mutuniyar taku, wadda muka zo tare, tun a ƙofar gidanmu ta gan ni. Ta ce, "Kai, yau kin yi haske!" Haske! Mace mai madubi a jaka, wadda na raka har Matamaye neman atamfa lokacin bukin ƙanenta, ban ce mata ko ki biya mini mota ba. Da Inna ke nuna yatsa, ita ce ta fara tuntsirewa a bayan labule. Na ga ƙafarta.

'Yar yayata mai yi wa amare kwalliya ce ta ja ni ɗaki. Ta karɓi kwalbar, ta ce laifi biyu yaron ya yi mini. Na farko duhun launi: cikin wuyan hannu ba ya shan rana, ya fi fuska haske, shi ya sa ya ba ni wanda ya fi ni haske da mataki guda. Na biyu ya fi ba ni haushi. Baƙar fata ba iri ɗaya ba ce a ƙarƙashi, wata ja-ja take, wata ruwan zinariya, wata tsaka-tsaki. Tawa ja-ja ce, abin da ke kwalbar kuwa rawaya. Farar fitilar arha ba ta fito da ja sosai, sai jan fatata ya ɓuya, rawayan ya yi kamar ya dace. Da hasken rana ya zo, ga mai haske kuma rawaya a kan fata mai duhu ja-ja, sai ya koma fari-fari kamar na yi wanka ban shafa mai ba. Ta ce da ja ne ya yi yawa, da ruwan lemu zan koma, ban san wanne ya fi ba.

Sai ta gwada mini yadda take yi. Ta ja layi uku daga muƙamuƙi zuwa wuya: wanda take zato, da wanda ya fi shi duhu, da wanda ya fi shi ja. Ta hana ni magana har wajen minti 15, don wani yana ƙara duhu idan ya bushe ya haɗu da maiƙon fuska. Muka fita zaure da madubi, a inuwa amma inda hasken rana ke shigowa, ba cikin ranar kanta ba. Layi biyu suna nan raɗau, na ukun sai da na neme shi. Shi ne nawa. Ta ce kada in dogara da harafin jikin kwalba mai nuna launin ƙarƙashin fata, W ko C ko N, don kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kansu ba: a wajen kamfanin MAC ma NC ne mai ruwan zinariya, NW mai ja-ja. Ta ɗauke ni hoto da filasha, ta ce wannan ma gwaji ne, wata hodar sai a hoto take tona asiri.

Amma hotunan farko an riga an ɗauka, suna yawo a gurup ɗin dangi. Na koma shagon, yaron ya ce an fasa kwalba ba a mayarwa, wai in sayi mai duhu in riƙa haɗawa, wata jikka shidan ke nan. Mutuniyar taku kuma ta aiko jiya wai in ba ta idan ba na so, ita zai yi mata daidai. Ban ba ta amsa ba tukuna.